Jimla Biyu a Saman Sibi: Yadda Sabon Mai Digiri Zai Gabatar da Kansa

Wata ranar Asabar bayan sallar La'asar ɗiyar yayata ta shigo gidana riƙe da takarda mai shafi biyu. Ta yi digirinta a fannin ilimin ƙananan halittu, wanda ɗalibai ke kira maikurobayoloji, kuma ba ta daɗe da kammala bautar ƙasa ba. Ta ga sanarwar wani kamfanin lemo da ke neman mataimaki a sashen tabbatar da ingancin kaya. Bayan mun gaisa, sai ta miƙo mini takardar ta ce, "Kawu, don Allah ka duba mini sibi ɗina. Ni dai na rasa abin da zan rubuta a sama, tunda ban taɓa yin aiki ba."

A ƙarƙashin sunanta da lambar wayarta akwai kanu da aka rubuta Career Objective, sai layi huɗu na Turanci. Ma'anarsu ita ce tana fatan samun aiki a wata ma'aikata mai mutunci, inda za ta yi amfani da basirarta da ƙwazonta wajen ciyar da ma'aikatar gaba, ita ma ta ƙaru. Na tambaye ta inda ta samo waɗannan layuka. Ta ce daga sibin ƙawarta, ita kuma ƙawar mai shagon buga takardu ne ya saka mata. Babu ƙarya a cikinsu, amma kuma babu ita a ciki. Da wanda ya karanta aikin akanta da wanda ya karanta tarihi duk za su iya ɗora sunansu a kai ba tare da sun canja kalma ɗaya ba.

Abin da ma'aikatu suka fi son gani yanzu a wannan gurbi shi ne taƙaitaccen bayanin mai neman aiki, wanda akan sa masa kanu Professional Summary ko Profile. Bambancinsa da na farko a fili yake. Wancan yana faɗin abin da kake so a ba ka, wannan kuwa yana faɗin abin da ka zo da shi. Wanda aka ɗora wa tantance takardu yakan samu tulinsu a gabansa, ba ya zama ya karanta kowacce daga farko har ƙarshe. Idonsa kan fara sauka a saman shafin farko, kuma abin da ya gani a nan shi ke sa ya ci gaba ko ya ajiye. Ga sabon mai digiri jimla biyu sun wadatar, kalmomi kamar 40 zuwa 55.

Yabon kai da faɗin aiki

Abin da ya fi hana yaranmu rubuta waɗannan jimloli shi ne tarbiyyar da muka ba su, kuma tarbiyya ce mai kyau. Mun koya musu cewa yabon kai jahilci ne, mun koya musu kunya da kawaici. Saboda haka idan aka ce yaro ya faɗi ko shi wane ne a jimla biyu, sai ya ji kamar an ce ya yi wa kansa kirari a tsakiyar kasuwa. Wani sai ya noƙe ya rubuta abin da bai ce komai ba. Wani kuma sai ya rufe ido ya kwaso manyan kalmomi, ya ce shi haziƙi ne, jajirtacce, mai iya aiki da jama'a, mai jure wahala.

Dukansu biyu sun ɗauka ana son su yabi halinsu ne, alhali aikinsu ake tambaya. Idan tela ya ce maka shi gwani ne, wannan yabon kai ne, kana iya yarda kana iya ƙi. Idan kuwa ya ce maka ya yi shekara biyu yana koyo a shagon ubangidansa, kuma a sallar bara shi ya ɗinka kaftani 30 da hannunsa, to labari ya ba ka, kai ne za ka yanke hukunci. Jimlar da ke tsaye da ƙafarta irin ta biyun ce. Ƙarfinta yana fitowa ne daga abin da aka yi, da inda aka yi shi, da yawansa. Mai kunya ma zai iya faɗinta bai sunkuyar da kai ba, domin bai ƙara komai a kan gaskiya ba.

A koma ga littafin ayiti

Na ce wa ɗiyar tawa ta ajiye sibin tukuna, ta faɗa mini duk inda ta taɓa sa hannu a aiki tun daga shigarta jami'a. Sai ta ce, "Ai ayiti ne kawai, Kawu, sai furojet." Wannan "kawai" ɗin ita ce ke cin yara da yawa.

Abin da ɗalibai ke kira ayiti shi ne shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973 domin ɗaliban kimiyya da fasaha da injiniya da noma da makamantansu su taɓa aiki na gaske kafin su kammala karatu. A jami'o'i da yawa wata shida ake yi. Kowane ɗalibi ana ba shi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi a wurin aikin kuma yana sa hannu mako-mako. Yawanci da zarar an ba da maki sai a manta da shi, alhali babu wata shaida da sabon mai digiri ke da ita da ta fi wannan. An karɓi nata littafin a makaranta, amma ta ajiye kwafin rahoton da ta rubuta daga cikinsa, da ƙaramin littafin da take yin rubutun farko. Washegari ta zo da su.

Ta yi wata shidanta ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin ruwan leda da na gora a unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano. Muka ɗauki farar takarda muka raba ta gida uku. A gidan farko abin da ta gani ana yi, a na biyu abin da ta taimaka aka yi, a na uku abin da ta yi da hannunta ba wanda ke tsaye a kanta. Sannan muka bi littafin mako bayan mako.

A gidan farko muka sa wanke manyan matatun ruwa, da ranar da jami'an NAFDAC suka zo duba kamfanin, domin kallo kawai ta yi. A na biyu muka sa haɗa rahoton ƙarshen wata, wanda shugabar ɗakin ke rubutawa ita kuma tana tattara mata alƙaluma. Gida na uku ne ya ba ta mamaki. Daga mako na tara, ita ke ɗebo samfurin ruwa daga layin da ake ɗurawa, ta auna pH da gurɓacewar launinsa, ta dafa kayan gwaji a tukunyar kashe ƙwayoyi a zafin digiri 121 na minti 15, ta shuka samfurin a faranti don neman ƙwayoyin kolifom, sannan ta shigar da sakamakon a Excel. Ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce, "Ashe duk ni na yi wannan."

Wannan rabo gida uku shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Taƙaitaccen bayani daga gida na uku ake gina shi. Abin da ke gida na biyu yana iya shiga idan an kira shi da sunansa, wato an ce "ta taimaka". Abin da ke gida na farko kuwa ba ya shiga ko kaɗan, sai dai a ajiye shi don hira idan an kira intabiyu.

Ƙidaya

Mataki na gaba shi ne a sa wa aikin lamba. "Na yi gwaje-gwaje da yawa" ba ta nuna komai, domin da yawan wani goma ne, na wani dubu. Ba ta taɓa ƙirga samfuran da ta gwada ba, amma littafin ya ba mu hanya. Cikin makonni 24, takwas na farko koyo ne, saura 16. A kowane mako kwana uku take gwaji, wato kwana 48. Kowace rana samfuri huɗu, jimilla 192. Sai muka tuna da ranakun hutu, da ranakun da injin ya tsaya, da makon da ta yi zazzaɓi. Muka tsaya a kan "sama da 150".

Ka'idar ita ce a rage, kada a ƙara. Lambar da aka sauko da ita ƙasa mutum zai kare ta da kwanciyar hankali ko a gaban wa, kuma idan aka tambaye shi yadda ya same ta zai iya yin lissafin nan take. Wanda bai da littafi ma yana da abin ƙirgawa: watanni nawa, mutum nawa ya yi wa tambayoyi, shafi nawa, kwastoma nawa a rana, ɗalibai nawa a aji. Abin da ba a iya ƙirga shi da gaskiya ba kuwa, a bar shi ba lamba, ya fi a ƙirƙiro masa.

Furojet ɗinta na shekarar ƙarshe ma mun yi masa haka. Ta ɗebo ruwa daga rijiyoyi 20 a unguwanni uku, ta gwada, ta samu ƙwayar E. coli a bakwai daga ciki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu wannan ƙwaya ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, don haka sakamakon nata yana da ma'ana. Ita ta tsara inda za a ɗebo, ita ta nemi izinin masu gidaje, ita ta yi gwajin, ita ta kare aikin a gaban malamai. Aikin aji ne, amma aiki ne na gaske daga farkonsa har ƙarshensa.

Akwai kuma wani aikin rukuni da suka yi su shida a aji uku a kan zoɓon da ake sayarwa a bakin makaranta. Da na tambaye ta nata kason, sai ta ce ita ta buga rahoton. Akwai kuma shekarar bautar ƙasa da ta yi tana koyar da bayoloji a wata sakandare. Duka biyun suna da gurbinsu a cikin sibi, amma a can ƙasa.

Sanarwar ce ke zaɓe

Yanzu kaya sun taru, kuma sun fi ƙarfin jimla biyu. Wane za a ɗauka, wane za a bari? Amsar tana cikin sanarwar aikin. Muka karanta ta a wayarta sau biyu, muna ja wa abubuwan da aka nanata layi. Abu uku suka fito: gwajin ƙwayoyin cuta a ruwa da kayan da aka sarrafa, ajiye bayanan gwaji yadda ya kamata, da kuma shaidar kammala bautar ƙasa. Ba a ambaci koyarwa ba, ba a ambaci shugabanci ba. Nan take muka san cewa wata shidan Sharaɗa ne kan gaba, rijiyoyi na biye, koyarwa da zoɓo kuma su jira.

Ta ɗan ji zafin barin koyarwar. Ta ce, "Kawu, shekara guda fa na yi ina fama da yara 60 a aji." Na ce mata ba a zubar da ita ba, tana nan a sashen ayyuka, kuma ranar da za ta nemi aikin koyarwa ita za ta hau sama. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a jimla biyu, mai karatu ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Ginin jimlolin

Kowace jimla da aikinta. Ta farko tana amsa tambayar "wace ce wannan?": fannin karatu, da wurin da aka taɓa aiki, da tsawon lokacin. Ta biyu tana amsa "me ta yi, kuma me ya haɗa shi da aikinmu?": hujja ɗaya ko biyu masu lamba, sannan a ɗaure su da gurbin da ake nema.

Na ce ta fara faɗa da baki da Hausa, kamar tana yi wa wata yayar babanta bayani, kafin ta juya zuwa Turanci. Dalili shi ne manyan kalmomin aro ba sa samun wurin ɓuya a harshen da mutum ya tashi da shi. Ga abin da ta fara rubutawa:

"Sabuwar mai digiri ce a maikurobayoloji, wadda ko da yake ba ta da gogewa sosai, ta ɗan yi ayiti a kamfanin ruwa. Tana da ƙwazo da son koyo, kuma tana fatan a ba ta dama."

An samu ci gaba, domin aƙalla fanninta da kamfanin ruwa sun fito. Amma dubi yadda take neman afuwa tun ba a zarge ta ba. "Ko da yake", "ɗan", "fatan a ba ta dama", duk suna janye abin da ta faɗa. Mai ɗaukar aiki ya ga shekarar da ta gama, ya san sabuwa ce, ba sai ta tuna masa ba. Jimla ta biyu kuma ta koma gidan jiya, hali ba aiki ba. Muka goge duk kalmomin ban haƙuri, muka ɗauko lambobinmu. Bayan gyara uku ga inda muka tsaya:

"Mai digiri a maikurobayoloji da ta kammala bautar ƙasa, ta yi horon wata shida a ɗakin tabbatar da inganci na kamfanin ruwan sha a Kano. Ta gwada samfurin ruwa sama da 150 tare da ajiye bayanansu a Excel, ta kuma binciki rijiyoyi 20 a aikinta na kammala digiri, ƙwarewar da za ta kawo sashen ingancin kayanku."

A lura da abin da ke ciki da abin da babu. Kalmar "horo" tana nan, ba a ɓoye cewa ayiti ne ba, ba a mai da ita ma'aikaciyar kamfanin ba. "Aikin kammala digiri" ma an kira shi da sunansa. Abu ukun da sanarwar ta nanata duk sun samu amsa. Babu siffa ko ɗaya ta yabo, amma wanda ya karanta zai ga yarinya mai kula, domin marar kula ba a bar masa gwajin ruwan da za a sayar wa jama'a. Da ta zo juyawa zuwa Turanci, ta bi al'adar rubutun sibi ta barin wakilin suna I, jimla ta fara kai tsaye da sunan fanni ko da aikatau, kuma ta yi amfani da ainihin kalmomin da ke cikin sanarwar a inda suka dace da abin da ta yi. Wannan yana da amfani, domin wasu manyan kamfanoni da manhaja suke fara tace takardu, ita kuwa kalmomi take nema.

Inda ake zamewa

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne kumbura aiki. Wanda ya yi aikin rukuni sai ya rubuta "na jagoranta", wanda ya kalli ana sarrafa inji sai ya rubuta "na sarrafa". Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ɗakin intabiyu yake ƙurewa, domin daga waɗannan jimloli biyu ake yawan ɗauko tambayar farko. Idan aikin na rukuni ne, a faɗi kason da mutum ya ɗauka: "ta tattara bayanai a rukunin mutum shida" gaskiya ce mai kyau.

Na biyu shi ne ɗaukar laƙabin da ba a mallaka ba. Ɗiyata ta so ta kira kanta masaniyar gwaje-gwajen asibiti saboda ta taɓa yin makonni a lab ɗin wani asibiti lokacin hutu. Na hana ta. A Nijeriya wannan sana'a ce mai nata digiri da rajista da lasisi, kamar yadda injiniya ke da rajistar COREN, akanta kuma ke da ICAN ko ANAN. Mai digiri ya ce yana da digiri a fanni kaza, wannan ya isa har ranar da ya samu laƙabin ta hanyarsa.

Kafin ta tura, mun yi wa jimlolin gwaji uku da kowa zai iya yi a gida. Na farko, a rufe suna a tambayi kai: cikin 'yan ajinmu mutum nawa ne za su iya sa hannu a kan wannan? Idan kowa zai iya, ba a rubuta komai ba tukuna. Na biyu, a sa wani ya ɗora yatsa a kan kowace gaɓa ya ce "ba ni labarin wannan". Na ɗora nawa a kan 150, ta yi mini lissafin. Na ɗora a kan rijiyoyi, ta yi minti uku tana bayanin yadda take sa kwalabe a kula mai ƙanƙara don ta isa lab da su cikin 'yan sa'o'i. Duk gaɓar da mutum ya kasa yin minti biyu a kanta, a cire ta. Na uku, a karanta da ƙarfi. Idan numfashi ya yanke sau biyu kafin a kai aya, jimlar ta yi lodi, a sauke mata kaya.

Aiki ya canja, jimla ta canja

Bayan mako biyu ta ga wata sanarwar, ta wata ƙungiya mai aikin ruwa da tsabtar muhalli a karkara, ana neman mai tattara bayanai. A nan rijiyoyin ne suka dawo gaba. Jimlar farko ta kusa zama yadda take, ta biyu kuwa ta koma cewa ta tsara kuma ta gudanar da binciken rijiyoyi 20 a unguwanni uku, ta yi hulɗa da masu gidaje da Hausa, ta gano gurɓacewa a bakwai, ta rubuta rahoto da Turanci. Gaskiyar ɗaya ce, fuskar da aka juyo wa mai karatu ce ta bambanta. Wannan karon minti goma ya ɗauke ta, domin takardar nan mai gida uku tana hannunta.

Jimla biyu ba za su maye gurbin sharaɗin da mutum bai cika ba. Idan an ce sai mai shekara uku a bakin aiki, ko mai wani matakin digiri, ba su da yadda za su yi. Abin da suke iyawa shi ne su hana a ajiye takardar wanda ya cancanta saboda bai san yadda zai nuna kayansa ba. Shi ya sa nake roƙon ɗaliban da ke ayiti yanzu, da iyayensu da malamansu, a riƙa cika littafin nan da gaske, da lamba da sunan na'ura da abin da hannu ya taɓa, kuma a ɗauki hotonsa kafin a miƙa wa makaranta. Ranar da ɗiyata za ta tafi da takardarta mai gida uku, ta naɗe ta ta sa a cikin fayil ɗaya da shaidar digirinta, ta ce, "Kawu, wannan ma satifiket ce."